Yadda ake gabatar da shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa a walimar cikar shekara

Idan ƙungiyarku ta 'yan kasuwa za ta yi walimar cika shekara goma ko ashirin da kafuwa, kuma kwamitin shirye-shirye suka ce kai ne za ka gabatar da shugaba kafin ya tashi ya yi jawabi, to ka sani aikin da aka ba ka na minti uku zuwa huɗu ne kacal, amma shirinsa zai ci maka kamar mako guda in dai so kake ya yi kyau. Yawancin masu yin wannan aiki kirari suke zubawa, gwarzo, jajirtacce, haziƙi, uban marayu, wanda ba ya barci saboda mu, jama'a su yi tafi saboda kunya, hankalinsu kuma yana kan kulolin abinci. Ɗan kasuwa mutum ne mai lissafi, ya rufe shago ko ya bar wa yaro ya zo wajen nan, abin da zai sa ya ɗago kai ya saurare ka shi ne ya ji an taɓo shagonsa da aljihunsa. Saboda haka duk abin da za ka faɗa a kan shugaba sai ka ɗaura shi da abin da ya canza a harkar mamba, in ba ka iya ɗaurawa ba to ka cire shi kawai.

Zan yi amfani da misali ɗaya har ƙarshe don abin ya fito fili. Mu ƙaddara ƙungiyar masu sayar da atamfa da shadda ce ta wani layi a Kantin Kwari a Kano, ta cika shekara 20, shugaban da ke kai yanzu yana shekararsa ta huɗu, za mu kira shi Alhaji Wane. Ƙungiyar da shugaban da alƙaluman da zan kawo duk na misali ne, kai sai ka sa naku na gaskiya.

Mataki na farko: ka je wajen masu riƙe da takardu, ba wajen shugaba ba

Kar ka fara da shugaban. In ka tambaye shi me ka yi, ɗayan biyu ne, ko ya ji nauyi ya ce ai ba komai aikin Allah ne, ko kuma ya ba ka jerin abu talatin har da ziyarar da ya kai wa wani babba aka ɗauki hoto. Ka fara da sakatare, ka roƙe shi littafin da yake rubuta abin da aka tattauna a taro, ku zauna ku bi na shekarun da wannan shugaba ya yi. Abin da kake nema shi ne matsalar da mambobi suka kawo ƙorafi a kanta, da watan da aka kawo ta, da abin da aka yanke, da kuma ko an aiwatar. Wannan na ƙarshen shi ne wurin da ake zamewa, domin littafin cike yake da "an amince za a yi", kai kuma wanda aka yi aka gama kake so.

Daga nan sai ma'aji. Shi ne zai gaya maka nawa aka tara, nawa aka kashe, mutum nawa aka tallafa wa da gobara ko rashin lafiya ko rasuwa ta same su. Ka ce ya nuna maka rasit ko shafin da aka rubuta, ba don ba ka yarda da shi ba, sai don ranar walima akwai wanda ke zaune a can baya ya san adadin fiye da kai, kuma in ka ce mutum 40 alhali 25 ne, kafin la'asar zancen ya zaga layin kaf, kuma ba kai kaɗai za a ce ka yi ƙari ba har shugaban za a shafa wa.

Sai kuma abin da mutane da yawa ba sa yi, wanda a ganina ya fi sauran amfani, ka zaga layi ka tsaya a shago biyar ko shida, ka haɗa da babban ɗan kasuwa mai sauke dila-dila, da mai ƙaramin teburi, da yaron shago, da ɗan dako in ƙungiyarku tana hulɗa da su, in akwai mata a ƙungiyar lallai ka ji ta bakinsu. Tambaya ɗaya za ka yi, a 'yan shekarun nan me ya canza maka a nan layin? Kar ka ce me shugaba ya yi maka, don nan take mutum zai shiga siyasa, ko ya yabe shi ko ya zage shi. In mutum uku daban-daban suka ambaci abu guda ba tare da ka sa musu a baki ba, to ka samu kan jawabinka. In kuwa sakatare ya cika ka da labarin wani aiki amma duk layin babu wanda ya ambace shi, wannan aikin na takarda ne, ka bar shi a takardar.

Sai bayan duk wannan za ka je wajen shugaba, kuma abu uku za ka nema a wajensa: cikakken sunansa da laƙabinsa yadda yake so a faɗa, in yana da sarauta ka ji ainihin sunanta da garin da aka naɗa shi, sai shekarar da ya shigo kasuwa da wanda ya yi wa yaron shago in yana so a ambata, sai kuma abin da zai yi magana a kai ranar. Na ukun nan don kar ka riga shi ne. In yana shirin sanar da cewa an samu fili za a gina ofishin ƙungiya, kai kuma ka fasa ƙwan a gabatarwa, ka bar shi tsaye da makirfo babu abin faɗa, kuma ba zai manta maka ba.

Mataki na biyu: ka zaɓi uku, ka juya kowanne ya fuskanci mamba

Yanzu kana da jerin abubuwa wataƙila goma sha. Uku za ka ɗauka, in biyu ne masu ƙarfi ma sun isa. Ma'aunin shi ne, mutum nawa abin ya taɓa, kuma za su iya gaskata ka daga inda suke zaune? Sayen sabbin kujerun ofis ba ya ciki. Zuwa Abuja taro ba ya ciki sai dai in an dawo da wani abu a hannu. Yi wa ƙungiya rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC yana iya shiga, amma fa sai ka faɗi amfaninsa, wato yanzu asusun banki da sunan ƙungiya yake ba da sunan mutum ɗaya ba, kuɗin mambobi ba zai maƙale a cikin gadon wani ba in ta Allah ta kasance.

Yadda ake juyawar kuwa, kowane aiki ka ba shi gaɓa uku a jere: yadda muke a da, abin da aka yi, yadda muke yanzu. Gaɓar farko ita ce take kama mutane domin wahalarsu ce kake tuna musu, kuma ita ce masu gabatarwa suke tsallakewa su tafi kai tsaye ga "ya yi kaza ya yi kaza".

Ɗauki maganar ruwa. Duk wanda yake Kwari ya san ambaliyar da aka yi a watan Agustan 2022, ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa kaya na maƙudan kuɗi, kuma kowa ya san atamfar da ta sha ruwan kwata ko an shanya ta ba za ta koma farashinta ba. To a misalinmu mu ce bayan wannan shugaban ya kafa kwamiti, ana karɓar wani abu kaɗan daga kowane shago, ana yashe kwalbatin layin duk shekara kafin damina ta sauka. Mai kirari zai ce "ya yi namijin ƙoƙari wajen gyaran magudanan ruwa". Wannan jimla ba ta da laifi amma ba ta taɓa kowa. Kai ga yadda za ka faɗa: "Waɗanda suke nan a daminar 2022 sun tuna yadda muka kwana muna ɗaga dila muna ɗorawa a kan benci. Daga shekarar da ta biyo baya, duk watan Mayu ana yashe kwalbatin layin nan tun daga baki har ƙarshe, kuma yau in hadari ya haɗo da daddare mutum yana iya juyawa ya ci gaba da barcinsa." Ka ga ban ce gwarzo ba, ban ce jajirtacce ba, amma duk wanda ya ɗaga dila a daren nan ya riga ya faɗa a zuciyarsa.

Amma fa a kula, wannan jimlar ta ƙarshe sai in gaskiya ce. In har yanzu shagunan ƙarshen layi ruwa yana shigar musu, kar ka ce an gama da matsalar, ka ce an rage ta kuma saura na ƙasan layi, su ma za su ji ka san da su.

Na biyu, abin da ya shafi kuɗi kai tsaye, nan ne ake yin lissafi a bainar jama'a, kuma 'yan kasuwa suna son wannan fiye da yadda ake zato. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 kowa ya san abin da janareta yake ci. Mu ce ƙungiyar ta haɗa layin da sola na haɗin gwiwa. Kar ka faɗi jimillar miliyoyin da aikin ya ci, wannan adadi ba na kowa ba ne, hasali ma yana iya sa wani ya fara tambayar ina canji. Ka sauko da shi kan shago ɗaya. A ce shago yana shan man naira 3,000 a rana, kwana 26 a wata, ya kama naira 78,000. Yanzu yana biyan naira 30,000 a wata kuɗin sola. Ragowar naira 48,000 ke nan duk wata a aljihun mai shago. Wannan adadi guda ɗaya shi za ka riƙe, ka faɗe shi a hankali, ka ɗan yi shiru, za ka ga mutane suna gyaɗa kai don kowa yana bugawa a ransa ya ga ko ya yi daidai da nasa. Shi ya sa ma dole ka ɗauki adadin daga matsakaicin shago, ba daga babban shagon da ke kunna fanka shida da firji ba, in ka ɗauki na sama masu ƙananan shaguna za su ce ba da mu ake ba.

Kar ka wuce adadi biyu ko uku a duk jawabin. Mutum yana jin ƙanshin soyayyen kaza ba zai riƙe lamba bakwai ba.

Na uku, sulhu. A kasuwa irin Kwari inda kaya da yawa a kan amana suke fita, a ba mutum dila ya tafi da ita Maraɗi ko Yola ko Maiduguri sai ya sayar ya turo, rigimar bashi ba ta ƙarewa, kuma shugaban da ya iya zaunar da mutum biyu ya raba su ba tare da an kai ga ofishin 'yan sanda ko kotu ba ya yi wa mambobi aikin da ya fi gini. Sai dai wannan shi ne ya fi haɗari a baki. Ba a kama suna, ba a ba da labarin da za a gane ko su waye, ko da kuwa labarin ya yi daɗi, domin masu rigimar suna zaune a wajen, wataƙila ma teburi ɗaya. Ka ce dai "rigingimu kaza aka kashe a ofishin ƙungiya bara, babu wanda ya biya kuɗin lauya, babu wanda ya rufe shago ya tafi zaman kotu, kuma da yawansu sun ci gaba da ciniki da juna". Haka ma tallafi, kar ka ce an biya wa wane kuɗin asibiti ko an ba iyalan marigayi wane kaza, ka tona asirin gida ke nan a gaban abokan sana'a. Adadin mutanen ya isa.

Mataki na uku: wa ya yi aikin?

Wannan gajere ne amma shi ke haddasa gunaguni bayan taro. Shugaba ba shi kaɗai ya yashe kwalbati ba, kuɗin mambobi ne, kuma akwai 'yan kwamitin da suka bi shago-shago suna karɓa ana yi musu baƙar magana. Sannan walimar ta cikar ƙungiya ce ba ta shugaba ba, tsofaffin shugabanni suna zaune a gaba. Saboda haka ka riƙa cewa "a ƙarƙashin jagorancinsa", "shi da 'yan kwamitinsa", "da kuɗinku da haɗin kanku". In wani aiki tsohon shugaba ne ya faro shi wannan ya ƙarasa, ka faɗa haka a jimla ɗaya. Kuma ko da wasa kar ka ce "kafin zuwansa ƙungiyar nan ta mutu", ka zagi dattawan da suka kafa ta suna kallonka. Shi ya sa gaɓar "yadda muke a da" ake ɗora ta a kan matsalar, ruwa ko tsadar mai ko bashi, ba a kan mutanen da suka gabata ba.

In zaɓen ƙungiya ya kusa sai ka ƙara taka-tsantsan. Kalma ɗaya irin "sai ka yi takwas" ko "babu canji" ta isa ta mai da walima kamfen, ɓangaren da ke neman kujerar su tashi su fita, gobe kuma a ce kwamitin walima an saye su. Haka siyasar jam'iyya, ko da ɗan majalisa ne babban baƙo, ka gaishe shi da muƙaminsa ka wuce.

Mataki na huɗu: jera jawabin

Tsarin ba shi da wuya. Sallama da gaisuwa a taƙaice, jimla ɗaya ko biyu kan ranar, asalin shugaban a kasuwa, ayyuka ukun nan, sai ka miƙa shi. Gaisuwar ce ke cinye lokaci, domin kowa yana so ya sake jero manyan baƙi tun daga uban taro har mai unguwa alhali mai gabatar da taro ya riga ya yi. Kai ka ambaci uban taro, da wakilin masarauta ko sarkin kasuwa in yana nan, da malamai, da tsofaffin shugabanni a dunƙule, sai ka ce da sauran manyan baƙi kowa da girmansa. Ka karɓi jerin sunayen daga hannun mai gabatar da taro a ranar ba tun jiya ba, saboda wani zai turo wakili, kuma abin kunya ne ka yi ta gaida kujera.

Wajen asalinsa, abin da ke haɗa shi da mambobi za ka ɗauka, cewa shi ma ya yi yaron shago, ya san zaman jiran ciniki, ya san ranar da ake rufe shago ba a yi ciniki ko ɗaya ba. Makarantun da ya yi da yawan gidajensa da sau nawa ya je Hajji ko Dubai ko Guwanzu ta ƙasar Sin, ba su da gurbi a nan. Dukiyarsa musamman kar ka taɓa ta, a taron da ake bin wani kuɗin haya yana neman yadda zai cika.

Ga yadda zai kasance in an haɗa, da misalinmu:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma uban taro, ranka ya daɗe wakilin mai martaba, iyayenmu malamai, iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya da waɗanda suka shugabance ta a baya, manyan baƙi kowa da girmansa, 'yan uwana 'yan kasuwa maza da mata, barkanmu da wannan rana.

Yau shekara 20 ke nan da wasu dattawa suka zauna a wannan layi suka ce mu haɗa kai. Wasunsu suna tare da mu a nan, wasu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama.

An ce in gabatar da mutumin da kowa a nan ya sani, to ba tarihinsa zan karanto muku ba. A layin nan ya fara, yaron shago, yana ɗaukar turmi yana kai wa baƙi mota, saboda haka babu wata wahala ta wannan sana'a da za a ba shi labarinta. Abin da zan tuna mana shi ne abu uku da suka canza a shagunanmu a shekara huɗun da ya yi yana jagorancinmu shi da 'yan kwamitinsa.

Waɗanda suke nan a daminar 2022 sun tuna daren da muka kwana muna ɗaga dila. Daga shekarar da ta biyo baya, duk watan Mayu ana yashe kwalbatin layin nan da kuɗinku da haɗin kanku. Saura 'yan uwanmu na ƙasan layi, kuma mun san ba a manta da su ba.

Na biyu wuta. A da matsakaicin shago a nan yana ƙona man naira 78,000 a wata. Yau naira 30,000 yake biya na sola. Naira 48,000 ke nan take kwana a aljihunka duk wata, kowa ya buga nasa ya gani.

Na uku, rigimar bashi da a da take kai mu gaban hukuma, yanzu a ofishin ƙungiya ake kashe ta, ba kuɗin lauya, ba rufe shago, kuma mutuncin kowa a rufe.

Akwai sauran aiki a gabanmu, kuma shi ne zai gaya mana inda aka dosa. Jama'a ku taya ni maraba da shugaban wannan ƙungiya, Alhaji Wane. Allah ya taya ka riƙo, bismillah ranka ya daɗe."

Ka lura sunansa sai a ƙarshe ya fito duk da kowa ya san shi. Dalili shi ne sunan shi ne alamar tafi da tashi, in ka faɗe shi a tsakiya mutane za su fara tafi, shi kuma ya yunƙura zai miƙe, ka ce a'a Alhaji dakata ban gama ba, abin ya zama wani iri. Ka kuma lura jimlar "akwai sauran aiki" da gangan take, ita ce gadar da ke miƙa masa magana, kuma tana kwantar da hankalin masu ƙorafi, don sun ji ba a ce komai ya yi daidai ba. Amma kar ka yi alƙawari da bakinsa, irin "kuma insha Allahu bana zai sa a rage mana kuɗin haya", ka ɗaura masa bashin da bai ci ba.

In shugabar mace ce, kamar a ƙungiyoyin mata masu sana'a, tsarin ɗaya ne, sai dai ka ce Hajiya ko uwar ƙungiya yadda mambobi suka saba kiranta, ranki ya daɗe, kuma ka gabatar da ita da aikinta ba da sunan mijinta ko mahaifinta ba sai in ita ta nema.

To in shugaban bai yi wani abin a zo a gani ba fa? Yana faruwa, ko kuma sabo ne watansa biyar. Kar ka ƙirƙira. Ka nemi ƙaramin abu na gaskiya, ko da cewa ne yanzu ana karanta lissafin kuɗi a gaban kowa duk wata uku, ko ana samunsa a ofis in an zo da matsala, ka faɗi amfaninsa ga mamba, ka ƙara nauyi a kan tarihin ƙungiyar da abin da ke gabanta, ka gajarta. Minti biyu na gaskiya babu wanda zai zarge ka a kai.

Mataki na biyar: gwaji da ranar taro

Ka rubuta shi, ka karanta da ƙarfi kana duba agogon waya. In ya wuce minti huɗu ka yanke, kuma daga gaisuwa da tarihi za ka fara yanka ba daga ayyukan ba. Sannan ka karanta wa mutum biyu, sakatare don ya duba alƙaluma da shekaru, da kuma wani mamba wanda ka san ba ya cikin masu goyon bayan shugaban sosai. Inda duk ya taɓe baki ko ya ce "hmm, wannan kuma fa?" to nan ne za a yi maka gunaguni a zaure, ka gyara ko ka cire. Ranar taro kar ka riƙe doguwar takarda kana karantawa kai a sunkuye, ɗan kati ya isa, ka rubuta sunayen da za ka gaisar, da kalma uku, ruwa, wuta, bashi, da alƙalumanka, da cikakken sunan shugaba da sarautarsa da manyan haruffa. Mutane suna mamaki amma a gaban makirfo har sunan maƙwabcinka na shekara ashirin yana iya ɓace maka.

Maganar lokaci kuma ka zauna da mai gabatar da taro tun kafin a fara. Walimar rana tana faɗawa ne tsakanin azahar da la'asar, kuma baƙi ba sa zuwa da wuri, saboda haka lokacin a matse yake. Abin da ya fi shi ne a yi gabatarwa da jawabin shugaba kafin a buɗe abinci, ko kuma bayan an gama an kwashe faranti. Mafi muni shi ne ka tashi daidai lokacin da masu rabo suka shigo, domin daga nan babu mai jin ka, ido yana kan wane layi aka fara, wasu kuma da sun karɓi nasu a leda sai ƙofa. Ka roƙi a tsayar da rabon har shugaba ya zauna. In kuwa ka ga saura minti goma a kira la'asar, ka jefar da aiki ɗaya daga cikin ukun ka ba shugaba lokacinsa, ai shi aka zo ji.

Ka gwada makirfon kafin mutane su cika, ka san inda maɓallinsa yake, ka kuma tsaya inda ba ka ba manyan baƙi baya ba. In maroƙa sun shigo suka ɗauki kirari a tsakiyar maganarka kar ka yi gasar murya da su, ka yi murmushi ka dakata, in sun sauke ka ɗora daga inda ka tsaya, gara ma tun farko a gaya musu su bari sai an ambaci sunan shugaba sannan su yi nasu, a lokacin ma yana ƙara wa tashinsa armashi.

Yadda za ka gane ko kana kan hanya kana tsaye, ka kalli teburan baya ba na gaba ba, na gaba za su gyaɗa maka kai ko me ka ce. In na baya sun ajiye waya, ko ka ji wani ya ce "haka ne" ko "wallahi an yi", ci gaba. In ka fara jin surutu yana tashi da ƙarar cokula, tsallaka kai tsaye zuwa jimlar miƙawa. Da ka ambaci sunansa, ka juya ka fuskance shi, ka jira ya iso, ka miƙa masa makirfo da hannu biyu, ka koma kujerarka, kar ka tsaya a bayansa kana gyara masa babbar riga ko kana sa baki a cikin jawabinsa.